Haddisk ya faɗi yana cikin aiki: abin da za ka fara yi, da abin da ke ƙarasa shi

Wani yaro mai ɗaukar bidiyon biki ya taɓa shigo min shago da haddisk na waje a leda, fuskarsa kamar wanda aka aiko wa da saƙon rasuwa. Yana cikin kwafe bidiyon kamu da na dina daga haddisk ɗin zuwa laftof, ƙaninsa ya gifta, ƙafarsa ta ja kebul, abu ya faɗo daga tebur zuwa kan tayil. Tsayin bai kai kugu ba. Na tambaye shi sau nawa ya sake jona shi tun da ya faɗi. Ya sosa ƙeya ya ce, "Wallahi Oga ban ƙirga ba, tun daren jiya nake cirewa ina mayarwa, ko Allah zai sa ya tashi." Wannan amsar ta fi faɗuwar kanta tayar min da hankali, kuma dalilin haka shi ne abin da zan yi bayani a nan.

Abin da ke faruwa a ciki

Haddisk ba kamar filashi ko katin waya yake ba. A cikinsa akwai faifai, ɗaya ko biyu ko fiye, na gilashi ko na alminiyam, an shafa musu wani siririn rufi mai maganaɗisu, kuma a kan wannan rufin bayananka suke. A ƙananan haddisk na laftof da na waje, faifan yana juyawa sau 5400 a minti, wato sau 90 a daƙiƙa ɗaya. Manyan na tebur da yawa suna yin 7200. Idan ka lissafa, bakin ƙaramin faifan yana gudun da ya haura kilomita 60 a awa. A samansa akwai wani hannu mai ɗauke da ɗan mitsitsin kai da ke karatu da rubutu, wanda mu a shago muke ce wa allura, ko da yake ba ta taɓa faifan kamar allurar garmaho. Iskar da juyawar faifan ke tasarwa ce take ɗaga ta, tana shawagi a tazarar 'yan nanomita kaɗan. Silin gashi ɗaya ya fi wannan tazarar kauri sau dubbai.

Idan haddisk a kashe yake, allurar tana fake a wani ɗan dandamalin roba a gefen faifan, shi ya sa wanda ya faɗi a kashe sau da yawa yake tashi lafiya. Idan kuwa yana aiki, allurar tana kan faifai ne lokacin da bugun ya zo. Sai ta daki faifan, ta ɗan kankare rufinsa, ita ma ta lanƙwashe ko ta tsage. Kankararren rufin nan ya zama gari, garin ya shiga yawo a cikin rufaffen akwati, ya sake shiga tsakanin allura da faifai, ya sake kankarewa. Ɓarnar da ta fara a ɗan wuri kamar kan tsinke tana iya zama zobe zagaye da faifan gaba ɗaya. Duk abin da ke ƙarƙashin wannan zoben ya tafi, babu injiniyan da zai dawo da shi, domin abin da aka yi rubutun a kai ne ya zama ƙura.

Wasu laftof suna da na'urar jin faɗuwa da ke janye allura kafin a kai ƙasa. IBM ta sa irinta a ThinkPad a 2003, Apple ta biyo baya a 2005. Amma yawancin haddisk na waje da ake jonawa da kebul ba su da wannan kariya, kuma ko mai ita, bugun gwiwar hannu ko dukan tebur ba ya ba ta lokacin da za ta yi aiki.

Saboda haka ka ɗauka cewa haddisk da ya bugu yana da ragowar mintuna ko awanni na juyawa, ba ka san adadinsu ba, kuma kowace kunnawa tana cin wani abu daga ciki. Duk shawarar da ke tafe a kan yadda za ka kashe wannan ragowar take.

Minti na farko

Yanke masa wuta. Idan na waje ne kuma kana jin wani sauti da ba ka saba ji ba, zare kebul ɗin kawai, kada ka tsaya neman "Safely Remove Hardware". Idan laftof ce ta faɗi tana ƙara ko ta daskare, danne maɓallin kunnawa har ta mutu. Kashewa ta hanyar da aka saba tana sa Windows ya yi ta rubuce-rubuce a kan faifan kafin ya rufe, kuma ba a son hakan yanzu. Kada ka ji tsoron yanke wutar: an ƙera haddisk yadda da zarar wuta ta ɗauke, yakan yi amfani da ragowar juyawar faifan ya mayar da allura mafakarta.

Idan laftof ɗin ta faɗi amma tana ci gaba da aiki shiru, babu baƙon sauti, kana da ɗan sarari. Aikin da ke buɗe a gabanka ka ajiye shi a filashi, ba a kan haddisk ɗin ba, ka kwashi 'yan takardun da suka fi muhimmanci, ka kashe. Kada shirun ya ruɗe ka ka ci gaba da harkarka. Na sha ganin wanda ya yi kwana uku yana aiki lafiya bayan faɗuwa, ran na huɗu ya ƙi tashi.

Daga nan ka zauna ka amsa wa kanka tambaya ɗaya kafin ka sake taɓa shi: abin da ke ciki akwai shi a wani wuri? Idan akwai kwafi, magana ta ƙare, sayi sabo ka huta. Idan babu, kuma abin da ke ciki ba ya maimaituwa, kamar bidiyon bikin mutane ko kundin digiri ko lissafin kasuwa na shekaru, to ka san cewa hanyar da ta fi tsira ita ce kada ka sake kunna shi ko sau ɗaya, ka kai wa masu aikin ceto bayanai. Sauran matakan na wanda ya auna kuɗin da darajar bayanan ne ya ga zai gwada da kansa.

Saurare sau ɗaya

Idan ka zaɓi gwadawa, ka yi kunnawa ɗaya ta bincike, a ɗaki mara hayaniya, haddisk a kwance a kan tebur, kunnenka kusa da shi, hannunka a kan kebul. Kafin nan ka duba bakin kebul da ramin da yake shiga, domin wani lokaci abin da ya karye ke nan kawai. Daƙiƙa 15 zuwa 20 sun isa ka ji abin da kake nema.

Lafiyayyen sauti shi ne ka ji faifan ya ɗauki gudu a hankali, ɗan ƙas-ƙas kaɗan, sannan ya daidaita. Idan ka ji ƙwas, ƙwas, ƙwas a jere da tazara iri ɗaya, wani lokaci faifan ya tsaya ya sake tashi, allurar ce ta kasa karanta alamomin da ke nuna mata inda take, tana fita ta koma. Kusan kullum bayan faɗuwa wannan na nufin allura ta lalace. Idan kuwa ka ji wani siririn kuka, tiit, tiit, ko zzz, kuma ba ka ji faifan na juyawa ba, ko dai allurar ta manne a kan faifan ta riƙe shi, ko kuma ƙarfen da faifan ke juyawa a kai ya cije. Mafi muni shi ne sautin gurza, kamar ana wasa wuƙa a kan dutse. Wannan faifan ake ci kana ji.

A duk ukun nan ka zare kebul nan take. Babu manhajar da za ta gyara lanƙwasasshen ƙarfe, ko ta kyauta ko ta kuɗi. Aikin ya koma na wanda ke da teburi mai tace iska, da zai buɗe, ya duba faifan, ya ciro allura daga wani haddisk iri ɗaya ya sanya, sannan ya kwafe da na'urar da aka yi don wannan aiki.

Na yaron nan, ƙwas-ƙwas ɗin ne, har da ɗan gurza a ƙarƙashinsa. Ya ce da farko, bayan faɗuwar, yana buɗewa, har ya ga foldojinsa, nauyi kawai ya yi. Da a lokacin aka kwafe shi, da wataƙila an tsira da mafi yawa. Daren da ya kwana yana cirewa yana mayarwa ne ya kai shi inda na ce masa ba zan taɓa ba, ya nemi masu aikin ceto bayanai.

Abubuwan da ke ƙarasa shi

Na farko shi ne wanda kuka ji, yawan kunnawa. Kowace kunnawa allurar tana saukowa daga mafakarta zuwa kan faifan, kuma idan ta lanƙwashe, saukowar kanta kankara ce.

Na biyu, kuma wanda ya fi cin mutane don kamar taimako yake zuwa, shi ne tayin da Windows ke yi. Ka jona haddisk sai ka ga "You need to format the disk in drive E: before you can use it", ko "Scan and fix", ko a Disk Management ya ce maka "Initialize Disk". Duk ka ƙi. Haka kuma kada kowa ya sa ka buga `chkdsk /f` ko `chkdsk /r`. Wannan umarni an yi shi ne don ya daidaita tsarin fayiloli, ba don ya ceci fayilolinka ba. Idan ya tarar da bayanin folda da ya kasa karantawa, yana iya yanke shi ya jefar don tsarin ya daidaita, kuma rubutu yake yi kai tsaye a kan faifan, babu komawa baya. Shi kuwa `/r` sai ya bi faifan tun daga farko har ƙarshe, yana nacewa a kan kowane wuri mai rauni, awanni a jere. Ka ga an haɗa ɓarna biyu: an gajiyar da allura, an kuma taɓa tsarin.

Manhajojin dawo da fayil su ma haka, idan aka sake su kai tsaye a kan haddisk mai ciwo. Ba laifinsu ba ne, an yi su ne don fayil da aka goge a kan lafiyayyen faifai. Suna da amfani, amma a kan kwafi, kamar yadda za mu gani.

Sai dabarun bakin titi. Sanya shi a firiza: idan ka fito da shi raɓa takan taru a kan faifan, allura ta bi ta kai. Bubbuga shi ko girgiza shi don allura ta saki: idan ta saki ɗin ma, jan ta za a yi a kan faifan, ko kan ya ɓalle ya bar hannun ƙarfe tsirara yana karta. Canza allon lantarkin da ke bayansa da na wani: faɗuwa ba kasafai take taɓa allon ba, kuma a haddisk na zamani allon yana ɗauke da saitin da ya keɓanta da wannan faifan kaɗai, na wani ba zai yi ba sai an ɗauko wannan saitin. Sannan buɗe murfin don a leƙa. Na san hannu yana ƙaiƙayi, sukurori ne 'yan kaɗan. Amma ka tuna tazarar da na faɗa. Ƙwayar ƙura ɗaya ta fi ta girma nesa ba kusa ba, balle a ce lokacin hunturu ne, hazo ya cika gari. Masu aikin ceto da yawa sukan ƙara kuɗi ko su ƙi karɓa idan sun ga an riga an buɗe.

Idan sautinsa lafiya kuma kwamfuta tana ganinsa

Nan ne kake da abin yi da hannunka. Zan bi da ku ta wani aiki da ya yi kyau: haddisk na waje mai terabait 1 na wata malamar makaranta, wanda ya zame daga kan cinyarta zuwa kan kafet yana cikin aiki. Ta zare shi nan take, ba ta sake jonawa ba sai a shagona. Sautinsa lafiya, amma wata folda idan an buɗe sai kwamfuta ta daskare.

Manufar ita ce a ɗauki hoton faifan gaba ɗaya, wato cikakken kwafinsa, sekta bayan sekta, ma'ana ƙananan yankunan da aka kasa faifan ɗaya bayan ɗaya, zuwa wani lafiyayyen wuri, a fara da wuraren da ke karantuwa cikin sauƙi, a bar masu wuya sai ƙarshe. Kwafi na yau da kullum akasin haka yake yi: da ya ci karo da wuri mai rauni sai ya tsaya a nan yana nacewa, ko ya watsar da aikin duka. Akwai togiya guda: idan abin da kake buƙata 'yan takardu ne ƙanana kuma ka san inda suke, ɗauko su kai tsaye ya fi, don minti biyu bai kai awa biyar wahalar da faifan ba. Amma da ka ga kwafin ya tsaya cak, ka dakatar.

Ka tanadi haddisk lafiyayye da ya fi mai ciwon girma. Na terabait 1, ka nemi mai 2. Ka tanadi filashi mai SystemRescue, wato wani Linux da ake tayar da kwamfuta da shi, wanda ke zuwa da ddrescue a ciki, manhajar da za ta ɗauki hoton, kuma ba ya buɗe faifai da kansa idan an jona. Ka tabbatar da wuta: laftof mai batir mai kyau ko inbata, domin aikin na iya cin yini. Ka kwantar da mai ciwon a wuri mai iska, fanka na kaɗa shi, inda ba wanda zai gifta ta kan kebul.

Ka tayar da kwamfuta daga filashin, ka jona sabon haddisk tukuna, sannan mai ciwon, ka duba sunayensu:

```
lsblk -o NAME,SIZE,MODEL,SERIAL
```

Ka karanta wannan da kyau, ka gwada lambar da ke jikin kowanne. Wanda ya juya sunayen zai iya shafe abin da ya zo ceto. A aikin malamar, mai ciwon ya fito a `/dev/sdc`, na kuma buɗe sabon a `/mnt/sabo`. Naka na iya bambanta.

Kallo ɗaya ga rahoton lafiyarsa ba ya cutarwa:

```
smartctl -A -d sat /dev/sdc
```

Layuka uku nake dubawa: 5 `Reallocated_Sector_Ct`, wato wuraren da haddisk ya riga ya yanke ƙauna da su ya musanya, 197 `Current_Pending_Sector`, waɗanda ya kasa karantawa yana jira, da 198 `Offline_Uncorrectable`. Duk wanda ya wuce sifili a gurbin `RAW_VALUE` bayan faɗuwa, alama ce cewa faifan ya ji ciwo. Amma sifili ba shaidar lafiya ba ce, don haddisk bai san wuri ya lalace ba sai ya je karanta shi. Kada ka sa shi doguwar jarrabawar kansa, wahala ce a banza.

Zagayen farko:

```
ddrescue -d -n /dev/sdc /mnt/sabo/hoto.img /mnt/sabo/taswira.map
```

`-n` yana hana shi tsayawa yana tonon wuraren da suka ƙi, `-d` yana sa shi karatu kai tsaye daga na'urar. Fayil na ƙarshe, taswirar, shi ne ran aikin: a ciki yake rubuta inda ya karanta da inda ya tsallake. Idan wuta ta ɗauke ko ka tsayar da shi da Ctrl+C, sake buga umarnin da taswirar nan zai ci gaba daga inda ya tsaya, ba zai sake wahalar da wuraren da ya gama ba. Kada ka taɓa yin aikin babu ita.

Sannan ka zauna kusa, ido a kan allo, kunne a kan haddisk. Lafiyayyen faifai irin wannan yakan ba da wajen megabait 100 a daƙiƙa a farkonsa, ya ragu zuwa ƙarshe, terabait 1 ya ƙare cikin awa uku zuwa huɗu. Na malamar ya tafi sumul har kusan gigabait 300, sai `current rate` ya faɗi ƙasa warwas, `read errors` ya fara hawa, ddrescue ya tsallake wurin, gudu ya dawo. Wannan alama ce mai daɗi: ciwon a wuri ɗaya yake, inda allurar take lokacin da ya bugu. Da a ce gudun yana tashi yana faɗuwa a kai a kai, ya karanta wani yanki ya kasa na gaba, ya karanta ya kasa, tun daga farko har ƙarshe, da na ce ɗaya daga cikin allurorin ce ta mutu, sauran na aiki. A wannan halin tsayawa ake yi, don matacciyar allurar tana nan tana jan ciki a kan fuskar faifanta duk tsawon aikin. Haka nan idan ƙwas-ƙwas ya fara, ko haddisk ya ɓace daga kwamfuta ya dawo fiye da sau ɗaya ko biyu, ka tsayar, ka ajiye hoton da taswirar, ka kai su tare da shi wurin masu aikin. Abin da ka riga ka kwafa ba asara ba ne.

Zagayen farko na malamar ya ƙare cikin kusan awa biyar, `pct rescued` ya nuna 99.9 da ɗoriya. Sai na bar haddisk ya huce, na kwafe muhimman foldojinta daga hoton tukuna, sannan na koma neman ragowar:

```
ddrescue -d -r1 /dev/sdc /mnt/sabo/hoto.img /mnt/sabo/taswira.map
```

Wannan zagayen yana komawa daidai kan wurin ciwo, shi ya sa ake barinsa ƙarshe. `-r1` sake gwadawa sau ɗaya ke nan. Wasu na sa 3 ko fiye. Ni ban cika ganin ribar hakan a faifan da ya faɗi ba: abin da ya ƙi sau biyu yawanci kankararre ne.

Yanzu ka cire mai ciwon ka ajiye. Duk sauran aiki a kan hoton za a yi, kuma a buɗe shi don karatu kawai:

```
losetup -r -P -f --show /mnt/sabo/hoto.img
mount -o ro /dev/loop1p1 /mnt/duba
```

Umarnin farko zai faɗa maka sunan da ya ba hoton, ka yi amfani da shi a na biyu tare da `p1` a ƙarshensa, kuma sai ka riga ka ƙirƙiri foldar `/mnt/duba`. Idan ya buɗu, ka kwashe fayiloli zuwa wani wuri. Idan ya ƙi, nan ne TestDisk ko wata manhajar dawo da fayil ke shigowa, a kan hoton. PhotoRec ma yana tono fayiloli ko da tsarin ya rushe, sai dai zai ba ka su babu sunayensu na asali, babu folda, aikin tantancewa ya koma kanka. Idan faifan laftof ne mai BitLocker, wato tsarin Windows da ke kulle bayanan faifai, sai ka nemo mabuɗin ceto mai lamba 48, wanda sau da yawa yana ajiye a asusunka na Microsoft. Malamar ta rasa bidiyo biyu da suka tsinke a tsakiya da hotuna 'yan kaɗan da rabinsu ya zama toka-toka. Takardun jarrabawa da sakamakon ɗalibai duk sun fito.

Idan za ka kai wa masu aiki

Mai gyaran kwamfuta daban, mai ceto bayanai daban, ko da allon shagonsu ya ce duka suna yi. Ka tambaya: a ina ake buɗewa, akwai teburi mai tace iska? Hoton faifan ake fara ɗauka, ko manhaja ake saki a kansa? Za a nuna min jerin fayilolin da aka samu kafin na biya? Wanda ya karɓa ya jona a kwamfutarsa a gabanka yana jin ƙwas-ƙwas bai zare ba, karɓi kayanka. Ka gaya musu gaskiyar abin da ya faru, sau nawa ka kunna, me ka gwada, don da wannan suke yanke shawarar ko su buɗe kafin su ba shi wuta. Garanti kuwa, idan ma ya karɓi wanda ya faɗi, sabon haddisk zai ba ka, ba bayananka ba, don haka kada ka mayar da shi kafin a kwashe. Wajen kai shi, ka naɗe shi da soso ko tsumma mai kauri a cikin kwali, kada ya yi ta karo da caja da makullai a jaka a bayan babur.

Malamar ta tambaye ni ko za ta iya yi wa tsohon fomat ta ci gaba da amfani da shi, tunda har yanzu yana buɗewa. Na ce mata, "Hajiya, garin da ya kankaro yana nan a ciki, fomat ba ya share shi." Na rubuta masa "ya faɗi" da maka a jiki, na ce ta ajiye shi a durowa na wata biyu, har ta gama buɗe fayilolinta ɗaya bayan ɗaya ta tabbatar babu wanda za a koma nema.